Tsakanin fim ɗin mai shagon wanki da na Doctor Strange

"Ina rubuta labarin da jarumata za ta haɗu da kanta a wasu duniyoyi. Wanne zan sa a tura mini in koyi salon, Everything Everywhere All at Once ko Doctor Strange in the Multiverse of Madness?"

'Yar'uwa, ɗauki na farkon. Duka biyun a 2022 suka fito, kuma duka ina da su a filasha, amma ɗaya kawai nake komawa in kalla.

Evelyn, wadda Michelle Yeoh ta fito a matsayinta, shagon wanki suke da shi ita da mijinta Waymond a Amurka, ga jami'ar haraji ta sa su a gaba. Abin da za ki lura da shi shi ne inda hanya ta rabu. Tun tana budurwa a ƙasar Sin ta bi Waymond duk da mahaifinta bai so ba. A wata duniyar kuma ta ƙi bin sa, ta koyi kumfu, ta zama tauraruwar fim. Shawara ɗaya ce ta raba rayuwar gida biyu, kuma an nuna mana ranar da aka yanke ta, shi ya sa "da ban aure shi ba fa?" take da nauyi.

Sai ki dubi mijin. Akwai Waymond mai sanyin hali da take rainawa, akwai mayaƙin da ya zo daga wata duniya, akwai attajiri cikin kwat. Sutura da arziki sun canza, amma attajirin da na shagon wanki zuciyarsu ɗaya. A wani lungu attajirin yake gaya mata da zai samu wata rayuwar, wanki da lissafin haraji tare da ita zai zaɓa. Yayata muna kallo ta ce in tsayar, ta tashi ta kira mijinta da suka kwana ba sa magana. Ganin attajirin ne ya sa Evelyn ta gane na gidanta. Idan kwafin jarumarki bai canza yadda take kallon rayuwarta ta ainihi ba, ki cire shi.

Na Strange kuwa ba laifi, akwai kyan hoto, amma kwafinsa kafin ki san su sun mutu, kuma sai kin kalli shirin WandaVision za ki gane ciwon Wanda, matar da Strange yake fafatawa da ita a fim ɗin.

Ki yi hattara da wasu masu tura fim. Gauraya magana ake yi a fim ɗin Evelyn, Turanci da Sinanci, har maganar lungun nan da Sinanci ce. Wani zai tura miki wanda babu fassarar da ke fitowa a ƙasan allo ya rantse cikakke ne. Ki sa ya buɗe a gabanki, ki duba tsawonsa ya kai awa 2 da minti 19. Kuma kada ki kunna shi gaban yara ko surukai, akwai wuraren da ba su dace ba.