Neman biyan bashin taki: takarda ɗaya ko uku?

Mai sayar da taki a kasuwar Maigatari ya ba ƙungiyar manoma buhu 20 bashi, wa'adi ya wuce. Zai iya aika musu takarda ɗaya mai zafi, amma sau da yawa sai a yi fushi, cinikin baɗi ya lalace.

Na fi son takardu uku. Ta farko, bayan kwana bakwai, gaisuwa ce da tuni: "Alhaji, ko an manta ne?" Ta biyu, bayan mako biyu, ta ambaci adadin kuɗin da ranar biya, tare da tayin biya kashi-kashi. Ta ukun babu lallashi: kwana 14, in ba haka ba sai gaban dagaci ko kotu. Hanyar tana cin lokaci, amma mai kofin takardun uku yana da hujja a gaban alƙali.