Kafin ka kai hoton da na'ura ta ƙirƙira a buga maka babban allon talla

Ƙanena yana da shagon atamfa kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Da azumi ya kusa ya zo mini da wayarsa yana murmushi, ya nuna mini hoton wata mata sanye da atamfa mai ruwan zuma, da ɗaurin ɗankwali irin na biki, wanda manhajar ƙirƙirar hoto ta haɗa masa. Ya ce, "Yaya, wannan nake so a buga mini, mita 3 a mita 2, a rataya saman ƙofar shago." A waya hoton ya yi kyau har ba a magana. Da na duba girmansa sai na ga fiksel 1024 a 1024 ne, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su yi hoto. Na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna, mu yi lissafi.

Farkon abin da ya hana mu tafiya shi ne siffar hoton. Nasa murabba'i ne, faɗi da tsawo ɗaya, wurin da zai rufe kuwa 3 a 2 ne. In mai bugawa ya ja shi da ƙarfi ya cika wurin, matar za ta ƙara faɗi da rabin faɗinta, fuska ta baje kamar faifai. Kowa ya taɓa ganin irin wannan a allunan gari. In kuma aka yanke sama da ƙasa don ya dace, kashi ɗaya cikin uku na hoton ya tafi, saura 1024 a 683, kuma ɗankwalin da ya fi burge shi yana cikin abin da za a sare. Akwai manhajojin da ke ƙaro gefen hoto, su ƙirƙiri bango da kanta da sauran abin da babu, kuma wannan yana yi in gefen fili ne kawai. Amma hanya mafi sauƙi ita ce a sake ƙirƙirar hoton da siffar da ake so tun farko. A Midjourney ana ƙara `--ar 3:2` a ƙarshen umarni, wasu manhajojin kuma suna ba da zaɓin hoto kwantacce mai 1536 a 1024, wanda shi ma 3 a 2 ne cif. Shi muka yi. Saboda haka ɗauki magwaji ka auna wurin kafin ka taɓa manhaja.

To, yanzu muna da 1536 a 1024. Zai isa? Nan ne ake lissafin yawan fiksel a kowane inci na abin da aka buga, wanda za ka gani a allon kwamfuta da sunan ppi. Inci ɗaya santimita 2.54 ne.

```
ppi = fiksel ÷ (santimita ÷ 2.54)
1536 ÷ (300 ÷ 2.54) = 13
```

Fiksel 13 a inci, wato kowane ɗigo ɗaya ya kusa milimita 2, kamar ƙwayar gero. Ko wannan ya yi ko bai yi ba, nisan mai kallo ne zai faɗa. Lafiyayyen ido yana rarrabe abu biyu in tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin 60 na digiri, kuma daga nan aka samo lissafi mai sauƙin riƙewa: raba 87 da nisan mai kallo a mita, abin da ya fito shi ne fiksel ɗin da ake bukata a inci. Mai tsayuwa a mita 1 yana bukatar 87, a mita 2 kamar 44, a mita 3 kamar 29, a mita 10 kuwa 9 ma ya isa. Shi ya sa manyan allunan bakin titi suke yin kyau daga mota, in ka je ƙarƙashinsu ka ga ɗige-ɗige manya. Hoton ƙanena mai 13 sai an ja baya kusan mita 7 kafin ya yi sumul. Layin shagonsa bai kai haka faɗi ba, mai ciniki yana ɗaga kai ne daga mita 2 ko 3. Ke nan muna neman abin da ya kai 44 ko ya ɗara.

Akwai maganar 300 da ake yawan ji, wai duk abin da za a buga sai ya kai 300. Gaskiya ne ga littafi da katin biki, abin da ake riƙewa a hannu. Ga allo mai mita 3 a 2, wannan na nufin fiksel 35433 a 23622, fayil mai kusan giga biyu da rabi in ba a matse shi ba, wanda zai sa kwamfutar mai bugawa ta yi ta nishi ba tare da idon kowa ya ga bambanci ba. Haka kuma in mai shago ya ce maka injinsa yana buga 720 ko 1440 dpi, ɗigon tawada yake nufi, kuma inji yana zuba ɗigo da yawa kafin ya fitar da launin fiksel ɗaya. Injin kirki zai fito maka da dishi-dishin hotonka ne daidai yadda yake. Akwai kuma masu buɗe hoto su goge 72 su rubuta 300 a gurbin Resolution, su ce sun gyara. In fiksel bai ƙaru ba, lakabi kawai aka canza.

Hanyoyin da ke gabanmu huɗu ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Buga shi yadda yake ba ya cin ko dala, kuma ya dace in allon zai hau saman bene ko gefen babbar hanya inda babu mai matsowa. Ƙara girma ta hanyar da aka saba, wato Image Size a Photoshop tare da kunna Resample, yana cike tsakanin fiksel da matsakaicin launin maƙwabtansa. Kusurwoyin ɗigon za su ɓace, amma hoton zai zama kamar ana kallonsa cikin hazon hunturu. Ya fi babu, iyakarsa ke nan.

Ta uku ita ce manhajar ƙara girma mai ƙirƙiro bayanin da babu. Upscayl kyauta ce, tana aiki a kwamfuta ba sai da intanet ba, sai dai tana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kirki, wato graphics card. Topaz Gigapixel ta kuɗi ce. Mun ninka namu sau 4, ya koma 6144 a 4096, wato fiksel 52 a inci, ya wuce 44 da muke nema. Amma a nan sai an zauna an duba, don manhajar ba ta san abin da ke cikin hoton ba, hasashe take yi. Da muka buɗe shi a 100% muka bi shi lungu-lungu, sai ga fatar matar ta yi santsi kamar ta roba, zanen atamfar kusa da kafaɗa ya narke ya zama wasu layuka marasa kan gado, ɗankunnen hagu kuma ya haɗe da wuya. Na ƙarshen nan tun asali yana cikin hoton, a waya ne ba a lura ba, amma a allo mai mita 3 ya kai tafin hannu. Ga mai sayar da atamfa, lalacewar zane ba ƙaramin abu ba ne, don matan da zai ja da allon sun fi kowa sanin zane. Muka canza salon ƙara girman a cikin manhajar zuwa wani mai sauƙin hannu, muka gyara ɗankunnen da hannu. Yatsu, haƙora, idanu da duk wani zane mai maimaituwa, nan ne za ka fara dubawa. Ninki 4 sau ɗaya ya wadatar, in ka sake ninka abin da aka ninka, kuskuren ne zai ƙara girma.

Ta huɗu ita na fi so, kuma tana tafiya tare da ta uku: kada hoton ya ɗauki allon duka, kuma kada rubutu ya kasance cikinsa. Hoton da ya rufe rabin faɗin allo, yawan fiksel ɗinsa a inci ya ninka biyu ba tare da an taɓa shi ba. Sunan shago da lambar waya kuwa a rubuta su a CorelDRAW ko Illustrator ko Inkscape, inda harafi layi ne da lissafi ke zanawa, komai girmansa bakinsa a kaife yake. Manhajojin ƙirƙirar hoto suna yawan ɓata rubutu, balle Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ko a CorelDRAW ɗin ma, in kwamfutar mai bugawa ba ta da irin harafin da ka yi aiki da shi, ƙugiyar na iya komawa ɗan akwati. A mayar da rubutun zane kafin a kai, `Ctrl+Q` ne a CorelDRAW, ko a fitar da shi a PDF.

In allon tsaye kake so, irin mai naɗewa na santimita 85 a 200 da ake kafawa wurin taro, lissafin ya fi tsanani, don mutane na tsayawa dab da shi. Hoto tsayayye mai 1024 a 1536 in ya rufe faɗin 85 zai sauko santimita 127, da fiksel 31 a inci. Ninki 4 ya kai shi 122, ya yi daidai, ƙasan kuma a bar wa rubutu.

Wurin mai bugawa, kada ka tura hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi ya rage masa fiksel, wahalarka ta tashi a banza. Tura shi ta Document. Ka bar kamar santimita 5 a kowane gefe babu rubutu babu fuska, don nan ake lanƙwasawa a huda zoben ɗauri. Ka kuma sa rai launi zai ɗan dushe, domin allon waya haske yake fitarwa, tawada kuwa ba ta iya kai wa shuɗi da kore masu ƙyallin nan da manhajojin ke so.

Kafin mu biya kuɗin mita 6 murabba'i, na yanko yanki mai fiksel 430 a 608 daga wajen kafaɗa da ɗankunne, wanda a 52 ya yi daidai da takardar A4. Na ce wa mai shagon, "Malam, don Allah sa mana wannan a gefen wani aiki, a kan ledar da za ka yi mana da ita." Ya sa, muka biya ɗan abin da ya nema. Ƙanena ya manna yankin saman ƙofa da salatif, ya koma tsakiyar layi ya duba, ya dawo bakin ƙofa ya sake ɗaga kai. Daga nan ya ga ruwan zumar ya yi duhu fiye da na waya, muka ɗan ƙara masa haske, washegari muka kai fayil ɗin.