Baka mai kusurwa ko alamar kalma: yadda za a ware rubutun hannu

Mu ɗauka ana kwafe rubutun da ke cikin hoton shafin littafin karatu. A bugu an ce ruwa yana tafasa a digiri 100, sai wani ya ƙara da biro a gefe: a dai-dai gaɓar teku.

Akwai hanya biyu ta ware rubutun hannu daga na bugu. Hanya ta farko ita ce a saka abin da aka rubuta da hannu cikin baka mai kusurwa, `[a dai-dai gaɓar teku]`, nan inda yake nuni. Tana da sauri, kuma ba ta katse karatu. Matsalarta ita ce littafin lissafi ko na kimiyya yana da nasa bakan a bugu, mai karatu ya kasa gane wanne ne na mawallafi.

Hanya ta biyu, a ba bayanin layinsa, a fara da `HANNU:`. Tana cin wuri, amma tana ba da damar faɗin launin tawada, da ko kibiya ce ta haɗa shi da wata kalma. Idan mutum biyu ne suka yi rubutu a shafin, sai a ce `HANNU 1:` da `HANNU 2:`. Ni ita na fi so, sai dai idan gyaran kalma ɗaya ne tal, nan baka ta wadatar.