Fensir, Kaurin Harafi ko Alamun Madannai: Wanne Ya Dace da Rubutun da Za a Ɗauka da Murya?

Wanda zai miƙa rubutu ga mai muryar da zai karanta shi yana da hanyoyi uku na nuna masa inda zai tsaya, da kalmar da zai ƙarfafa, da inda zai rage gudu. Zai iya buga rubutun a takarda ya bi shi da fensir, ko ya yi amfani da kaurin harafi da launi a kwamfuta, ko kuma ya saka alamun da ke kan madannai a cikin jimlolin. Abin da ya kamata ya raba gardama a tsakaninsu shi ne hanyar da rubutun zai bi kafin ya isa gaban makirufo, domin alamar da ta ɓace a hanya ba ta amfanar kowa, komai kyanta.

Fensir da takarda su ne tsohuwar hanya, kuma har yanzu babu wadda ta kai ta sauƙin gyara a ɗakin ɗaukar sauti. Ana ja karkataccen layi ɗaya inda za a ɗan tsaya, biyu inda za a tsaya sosai a ja numfashi, a ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da nauyin magana, sannan a zana kibiya inda murya za ta hau ko ta sauka. Idan mai shirya aikin ya sauya ra'ayi, sai a goge a sake nan take. Amma takardar tana bukatar fili: girman harafi 14, da tazara biyu tsakanin layuka, da bugu a fuska ɗaya kawai don kada a yi ta juya shafi, tunda makirufo mai kyau yana kama ko da ƙaramin motsin takarda. Babban rauninta shi ne alamun suna kan kwafi ɗaya tilo. Idan mai muryar yana nesa, hoton takardar za a tura masa, kuma layin fensir ba ya fita da kyau a hoto.

Hanya ta biyu ita ce ta fi kyan gani, kuma ita ce na fi jin tsoro. Kalma mai kauri ko mai launi tana ɗaukar ido nan take, amma da zarar an kwafe rubutun zuwa wurin da ba ya riƙe ado, kamar wasu manhajojin saƙo ko fayil mai ƙarewa da .txt, sai kaurin da launin su tafi ba tare da barin wata shaida ba. Mai muryar zai karanta rubutu tsaf, bai san an taɓa yi masa alama ba, sai an saurari sautin a ji ya ƙarfafa wata kalma dabam. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya mayar da rubutun PDF kafin ya tura. Manyan baƙaƙe kuwa ba sa ɓacewa, sai dai masu karatu da yawa suna ɗaukarsu a matsayin umarnin ɗaga murya, ga shi kuma suna rikicewa da gajartattun sunaye.

Ta uku, wato alamun madannai, ita nake ba da shawara a kanta ga duk rubutun da zai bi ta hannu fiye da ɗaya. Alamu huɗu sun isa, kuma a rubuta ma'anarsu a saman shafin farko, domin babu wata ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita; layi biyu a wurin wani daƙiƙa ɗaya ce, a wurin wani kuma ƙarshen sakin layi ne.

```
/      tsayawa rabin daƙiƙa
//     tsayawa daƙiƙa ɗaya, a ja numfashi
*...*  a ƙarfafa kalmar
[...]  umarni, ba a karantawa
```

Ga yadda wani yanki na sanarwa zai kasance bayan an yi masa alama:

```
Rajistar ɗalibai za ta rufe ranar *Juma'a* /
ba ranar Litinin ba. //
[a rage gudu] A zo da hotuna *biyu* / da takardar haihuwa. //
```

An ƙarfafa Juma'a ne saboda ita ce sabon labari, ita ke gyara abin da mai sauraro yake zato. Da an saka taurari a kan rajista da rufe da Litinin su ma, da mai muryar ya yi ta dukan kowace kalma, kuma mai sauraro ya tashi bai riƙe ranar ba. Kalma ɗaya a jimla ta wadatar, wasu jimlolin ma ba sa bukatar ko ɗaya. An kuma karya layi a inda ma'ana ta cika, abin da ke taimaka wa ido ya hango wurin numfashi tun kafin baki ya isa can. Wannan hanya tana da nata tarkon: karkataccen layi yana fitowa a kwanan wata kamar 12/6, saboda haka a rubuta kwanan da kalmomi yadda za a furta shi. Kada kuma a yi amfani da waƙafin sama a matsayin alamar numfashi, tunda yana da aikinsa a kalmomi irin su 'ya'ya da ma'ana.

Akwai wani abu da ya shafi rubutun Hausa musamman. Karin sauti yana sauya ma'anar kalma, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna shi: wuya ta jiki da wuya ta wahala iri ɗaya ake rubuta su. Don haka kibiyar da ke cewa a ɗaga murya a kan kalma tana iya karkatar da ita zuwa wata ma'ana. Ya fi aminci a fahimci tauraro a matsayin ƙarin nauyi da ɗan jinkiri a kan kalmar, ko kuma a bar ginin jimla ya yi aikin: "Ranar Juma'a ce za a rufe rajista" ta riga ta ƙarfafa ranar ba tare da wata alama ba.

Batun gudu shi ne inda alamu suka fi yaudarar mai rubutu. A ɗauka ana son sanarwa ta daƙiƙa 30, rubutun yana da kalmomi 60, kuma da aka karanta shi da agogo ba tare da tsayawa ba ya ci daƙiƙa 25. An saka gajerun tsayawa shida, wato daƙiƙa 3, da dogaye uku, wato wasu daƙiƙa 3, jimilla 31. Ana bukatar saukowa zuwa 29 don a bar ɗan sarari a farko da ƙarshe. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne a rubuta [da sauri] a kan wata jimla, amma sakamakonsa ana jin sa a kunne: ƙarshen kalmomi yana haɗiyewa, numfashi yana fitowa da ƙara a tsakiyar magana. Tunda wannan mai karatu yana furta kalmomi 12 a kowace daƙiƙa 5, cire kalmomi biyar zai dawo da daƙiƙa biyun, tsayawar kuma ta zauna yadda take. Umarnin gudu ya fi amfani idan na ragewa ne, a kan lambobi da ranaku da sunaye, kuma a nuna inda ya ƙare da [gudu na farko], in ba haka ba mai muryar zai ja jinkirin har ƙarshen shafi.

Idan mai rubutu da mai muryar za su zauna a ɗaki ɗaya, fensir ya isa. Idan rubutun zai yi tafiya, a saka alamun madannai a wuraren da kuskure zai ɓata ma'ana kaɗai, a buɗe tazarar layuka, a bar sauran wuraren numfashi ga mai muryar ya saka da nasa fensirin bayan ya yi karatun gwaji, domin shi ya san tsawon jimlar da ƙirjinsa zai iya ɗauka.