Ƙullutun da nake ɗauka kaluluwa ne: sharhina kan bel ɗin ƙaba da aikin da aka yi mini a Zariya

Ni mai sayar da taki ne a Sabon Gari, kuma duk da ina da yaran shago, hannuna bai iya zama ba. Idan mota ta tsaya ana sauke kaya, sai ka gan ni na cire babbar riga na kama buhu. Buhun taki kilo 50 ne. A farkon daminar bara na fara jin wani abu a matsematsina na dama, duk lokacin da na yunƙura da buhu sai ya turo kamar ƙwan zabo. Da dare idan na kwanta in laluba, babu shi. Da asuba ma babu. Sai wajen azahar, bayan na sha tsayuwa, ya dawo da wani nauyi mai jan mara.

Na ce kaluluwa ce, domin ita na sani tun ina yaro. Na je wani kemis a unguwarmu na yi masa bayani a tsaye, ta bayan kanta. Bai ce in nuna ba, ni ma ban so ya ce ba. Ya haɗa mini kafso na kwana 5 da maganin ciwon jiki. Na shanye, ƙullutu yana nan. Na koma ya canza wani kafson. Wannan shi ne kuɗin farko da na zubar.

Na biyu shi ne bel. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ce ai wannan ƙaba ce, ga bel ana sayarwa mai ɗan matashi da ke danne wurin. Na saya. Gaskiyar da zan faɗa a kansa ita ce, idan ka kwanta ka mayar da abin ciki sannan ka ɗaura, kana samun sauƙin nauyin nan na 'yan awoyi. Amma da zarar ka sunkuya ko ka hau babur sai matashin ya goce, abin ya fito ta gefensa, bel ɗin kuma ya koma yana matse shi a waje. Ga zufa, ga ƙaiƙayi, har fatar wurin ta fara saɓulewa. Wata 2 na yi da shi. Bai rage girman abin ba ko kaɗan, sai ma na lura ya fara gangarowa ƙasa wajen maraina. Ban ga wanda zan ba shawarar ya saya ba, sai wanda likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki aiki ba.

Uwargida ce ta matsa na je wani asibitin kuɗi a cikin gari, inda likitan tiyata ke zuwa sau 2 a mako. Na yanki kati ƙarfe 9, ban ga likita ba sai bayan azahar, kuma babu wanda ya fito ya ce mana ga dalili. Wannan na rubuta shi a gefen laifinsu. Amma abin da likitan ya yi a cikin minti 10 shi ya sa nake wannan rubutun.

Bai fara da kwantar da ni ba. Ya ce, "Alhaji, miƙe tsaye, sassauta wando." Ya tsuguna ya dubi ɓangarorin biyu. Ya ce in juya kaina gefe in yi tari. Na yi, na ga abin da idona ya bulluƙo. Ya ɗora yatsu a kai ya ce in ƙara, ya ce yana jin yana faɗaɗa yana tunkuɗo masa hannu. Sannan ya ce in hau gado. Ya tura a hankali, na ji wani ɗan ƙugi kamar na ciki mai yunwa, abin ya shige. Ya danne wani wuri sama kaɗan da tsakiyar layin matsematsi ya ce in yi tari, bai fito ba. Ya ɗaga yatsa, na yi tari, ya gangaro.

"Likita, ba kaluluwa ba ce ke nan?"

Ya ce, "Kaluluwa ba ta jin tari, Alhaji. Kuma ba ta ɓuya don ka kwanta."

Bayanin da ya yi mini, wanda na riƙe, shi ne: a bangon ciki ta ƙasa akwai wata hanya da maraina suka bi suka sauko tun mutum yana cikin mahaifiyarsa. Wurin yana da rauni, shi ya sa abin ya fi kama maza. Idan ƙofar ta buɗe, hanji ko kitsen da ke lulluɓe da shi sai ya riƙa leƙowa. Duk abin da zai ƙara matsi a cikin ciki, tari ne, ɗaukar kaya ne, nishin bayan gida ne ko yunƙurin fitsari, turo shi yake yi. Ka kwanta matsin ya sauka, ya koma gida. Rami ne a nama, to wane kafso ne zai ɗinke rami?

Ita kuwa kaluluwa wasu 'yan ƙwayoyi ne da kowa ke da su a matsematsi da hammata da wuya, aikinsu tace ƙwayoyin cuta. Na matsematsi suna karɓar abin da ya taso daga ƙafa, da al'aura, da wajen dubura. Shi ya sa ma ya sa na cire takalmi ya buɗa tsakanin yatsun ƙafata yana neman rauni ko ruɓewar fata, ya kuma tambaye ni ko akwai ƙurji a gabana. Babu.

Allah da ikonsa, makonni kaɗan bayan haka na ga bambancin a gidana. Ɗana mai shekara 11 ya taka kwalba a filin ƙwallo, ya ɓoye, ciwon ya yi ruwa. Ya zo yana ɗingishi yana cewa cinyarsa. Na taɓa: ƙullutu 2 kamar gyaɗa, masu ɗan tauri, suna mirginawa ƙarƙashin yatsa, a ƙasan layin matsematsi ta saman cinya, yana ihu idan an danna. Na sa shi tari, ko motsi. Na kwantar da shi, suna nan daram. Nawa kuwa mai laushi ne, a saman layin yake, kuma ba ya zafi idan an taɓa, nauyi kawai. An wanke wa yaron ciwo an ba shi magani, cikin mako 2 suka sace.

Sai dai likitan ya ja mini kunne kada in mayar da gwajin tari alƙali. Ƙabar da ta maƙale ba ta komawa kuma ba ta amsa tari, sai ta yi kama da kaluluwa sak. Akwai kuma wata irin da ke fitowa ƙasa-ƙasa ta saman cinya, daidai inda kaluluwa ke zama, ta fi samun mata, ƙarama ce, kuma ita ta fi saurin shaƙe hanji. A irin wannan ne ake tura mutum hoton sikanin. Ni bai tura ni ba, ya ce hannu ya wadatar, kuma na yaba da bai ɗora mini kuɗin da babu buƙata ba. Haka ita ma kaluluwar, idan ta yi tauri kamar dutse, ba ta ciwo, ta wuce wata guda tana ƙaruwa, ko ta zo da rama da zufar dare, ba ta kafso ba ce, sai an bincika tarin fuka, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko daji.

Da na ce a bar ni sai kasuwar taki ta lafa kafin a yi mini aiki, bai yi gardama ba, amma ya kafa sharaɗi. In daina ɗaukar buhu. Kuma ranar da abin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri da zafi, ko amai ya biyo, ko ciki ya kumbura babu bayan gida babu tusa, kada in jira gari ya waye, kada in sa a danna da ƙarfi. Ya ce hanjin da jini ya yanke masa yana iya fara mutuwa cikin kamar awa 6. In dare ne in wuce Shika kai tsaye, asibitin koyarwa, inda ake da masu aikin gaggawa.

An yi aikin bayan kaka. Kafin nan sun auna jini, da siga, da hawan jini, aka ce kada in ci komai daga tsakar dare. Allurar baya aka yi mini, daga cibiya zuwa ƙasa ya mutu, ina jin hirarsu da ƙarar almakashi. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa da rabi ba. Sun mayar da abin ciki, suka shimfiɗa wata raga ta roba suka ɗinke a kan wurin, wadda nama ke tsirowa ya riƙe ta har abada. Bai cika awa guda ba.

Daren farko ne ban ji daɗinsu ba. Fitsari ya ƙi fita, mara ta cika tam, abin da ashe yakan faru bayan allurar baya, amma ba wanda ya gaya mini tun farko. Ƙanena ya yi ta zarya kafin nas ta zo ta sa mini robar fitsari. Sannan a lissafin da suka ba ni da farko babu kuɗin raga, sai ranar aiki aka ce daban ne. Duk wanda zai je ko'ina, ya tambaya a rubuta masa: aiki, raga, allura, gado, magani, wankin ciwo.

Kwana 1 na yi aka sallame ni. A kwana na 3 maraina suka kumbura suka yi duhu, na tsorata na kira lambar da likita ya ba ni, ya ɗauka da kansa. Ya tambaya ko akwai zazzaɓi, ko ciwon na fitar da ruwa, ko kumburin na ƙaruwa da sauri. Na ce a'a. Ya ce jini ne ya kwanta, in sa matsattsen ɗan kamfai ya tallafe, zai washe. Haka aka yi. Tari da atishawa ne azaba a makon farko, sai na dafe wurin da filo. Salla a kan kujera na yi ta har kwana 10, ranar da aka cire zare. Na ci ganye da gwanda sosai saboda kada bayan gida ya yi tauri in yi nishi. Babur kuwa na haƙura da shi mako 3, don wanda ya san ramukan hanyar unguwarmu ya san dalili.

An ce kada in ɗaga abu mai nauyi sai bayan mako 6. Yanzu wata 7 ke nan. Ƙullutu bai dawo ba, nauyin mara ya tafi. Abin da ya rage shi ne wani ɗan fili ƙasan tabon, kamar faɗin kwabo, da ba na jin taɓi sosai, likita ya ce ƙaramar jijiya ce ta wurin, wani yana dawowa wani ba ya dawowa. Hannun likitan da bayaninsa na ba su cikakken maki, masu karɓar kati da masu kwanan dare kuwa da sauran gyara. Bel ɗin yana nan rataye a ƙusa a bayan shago, wani dillali ya ce in sayar masa rabin kuɗi, na ce ya fara zuwa a sa shi tari tukuna.