Sharhi kan littafin tsofaffin tambayoyin Turanci mai ɗauke da amsoshi da ƙa'idar ba da maki

Littafin da nake magana a kansa irin wanda ake samu ne a shagunan littattafai na titin Ahmadu Bello da cikin kasuwar Sheikh Gumi a nan Kaduna, wato tarin tambayoyin WAEC na Turanci na shekarun baya, kowace tambaya da amsarta ta misali, sannan a gaba an ware 'yan shafuka da ke bayanin yadda ake rabon maki. Na saya wa ɗiyar yayana da ke zaune a wurina a Tudun Wada tana shirin jarrabawar kammala sakandare, kuma mun yi amfani da shi tare tsawon zango guda. Ra'ayina shi ne waɗannan 'yan shafuka na ƙa'idar maki su ne suka biya kuɗin littafin, amsoshin misalin kuwa, in ba a yi hattara ba, suna iya sa ɗalibi ya ɗauki kansa a matsayin da bai kai ba.

Zan tsaya a kan insha'i, domin a nan ne kimanta kai ya fi wuya. Takarda ta biyu ta Turanci maki 100 ce: insha'i 50, fahimtar rubutu 20, taƙaitawa 30. Ana son insha'in ya kai kalmomi 450, ana kuma ba da shawarar a yi shi cikin minti 50. Makin nan 50 an kasa shi huɗu, kuma littafin ya kawo rabon daidai. Abin da aka faɗa yana da 10, tsarin rubutu 10, iya sarrafa harshe 20, sai tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da haruffa da alamomin rubutu, ita ma 10. A wannan kashi na ƙarshe ragewa ake yi, rabin maki kan kowane kuskure, don haka kurakurai 20 sun isa su cinye goman baki ɗaya.

Yarinyar ta zaɓi tambayar da ta ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan matsaloli uku da ke damun unguwa. Ta rubuta cikin lokaci ba tare da ta leƙa amsar ba, wanda shi ne sharaɗin farko, domin duk wanda ya karanta amsar kafin ya rubuta tasa, haddarsa kawai zai gwada. Da ta gama sai ta ajiye tata kusa da ta littafin, ta ga ta ambaci ruwan sha da magudanan ruwa da wutar lantarki kamar yadda amsar ta yi, ta ce, "Kawu, ai kusan duk abin da suka faɗa na faɗa." A kan haka ta ba kanta 38 cikin 50: takwas, takwas, sha biyar da bakwai.

Washegari muka koma kan takardar da jan biro, muka rufe amsar misalin, muka buɗe shafin ƙa'ida. Muka fara da kashin da ake iya ƙirgawa, muna zagaye kowane kuskure layi bayan layi. Akwai inda ta fara labari da lokacin da ya wuce sai ta zame zuwa na yanzu a tsakiyar jimla, akwai inda ta sa waƙafi a wurin da aya ta kamata har jimloli uku suka manne, akwai sunan unguwa da ƙaramin baƙi, akwai kuma kalmar da ta rubuta da f a maimakon p, abin da bakinmu na Hausawa ya saba jawowa. Zagaye 17 muka samu. Rabin 17 takwas da rabi ne, saboda haka bakwan da ta ba kanta ya koma ɗaya da rabi. Kamanta rubutu da amsar misali ba zai taɓa nuna wannan ba, domin ido yana bin ma'ana ne, ya tsallake ƙananan abubuwa.

A kashin abin da aka faɗa ma ƙa'idar ta fi amsar amfani. Tambayar matsaloli uku ta nema, kuma ambato kawai bai wadatar ba, sai an faɗaɗa kowace. Ruwan sha ya sami sakin layi cikakke, har da bayanin yadda yara ke makara zuwa makaranta saboda layin rijiyar burtsatse, amma wutar lantarki jimla biyu ta samu a gurguje. Muka tsaya a shida. A tsari kuwa, wasiƙar hukuma tana buƙatar adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kan magana, sallama, sa hannu da cikakken suna, ita kuwa ta bar kan maganar, don haka nan ma shida.

Inda littafin ya gaza shi ne kashi mafi tsoka, wato sarrafa harshe mai maki 20. Ya dai ce a duba dacewar kalmomi da bambanta ginin jimloli da salon da ya dace da wanda ake rubuta wa, amma bai nuna yadda rubutun da ya cancanci 9 ya bambanta da wanda ya cancanci 14 ba. Amsa ɗaya tak yake kawowa ga kowace tambaya, mai kyau ƙwarai, cike da manyan kalmomi, alhali abin da ɗalibi ke bukata shi ne ya ga rubutu matsakaici da makin da aka ba shi da dalilin bayarwar. Na kuma ci karo da kurakuran ɗab'i a cikin wasu amsoshin, abin da ya dame ni matuƙa, tunda yaro ba ya zargin abin da ya gani a littafi.

Don haka muka kai takardar wurin wani maƙwabcinmu, tsohon malamin Turanci da ya daɗe yana makin jarrabawa. Ya karanta sau ɗaya ya ba ta 10, ya ce mata, "'Yata, ana gane abin da kike nufi, amma jimlolinki duk ƙira ɗaya ce, kuma kina magana da shugaban kamar ƙawarki." Ya kuma tuna mana cewa masu maki sukan yi taron daidaita hannu kafin su fara aiki, inda ake tsayar da ƙa'idar shekarar, saboda haka abin da ke littafin kasuwa kwatanci ne kawai. Jimillar ta zama 23 da rabi, ƙasa da rabin makin, a takardar da mai ita ta ɗauka ta kai 38.

Tun daga nan ba ma fitar da lamba ɗaya. Kashin kurakurai muna ƙirga shi daidai, na abin da aka faɗa da na tsari muna barin ratar maki ɗaya sama ko ƙasa, na harshe kuma muna ɗaukar mafi ƙanƙantar abin da muke zato har sai malami ya gani. Wanda zai sayi irin wannan littafi ya buɗe shi tun a shago ya tabbatar akwai shafukan rabon maki, domin wasu bugun ba su da su, sannan ya haɗa da rahotannin manyan masu maki da WAEC ke sakawa kyauta a shafinta na intanet, inda ake bayyana raunin da aka gani a amsoshin ɗalibai tambaya bayan tambaya.