Tafintan kasuwa ko kamfanin fassara mai hatimi?

"Jama'a, wata masana'antar tayil a Foshan ta aiko min yarjejeniya da Sinanci, kaya na dala 40,000, suna son kafin alƙalami kashi 30. Dillalina na Guangzhou ya ce zai fassara min kyauta. In bar masa, ko in biya kamfanin fassara mai hatimi?"

Alhaji, biya kamfanin, kuma kada ka tura ko sisi sai fassarar ta zo hannunka.

Dillali yana da ranarsa. Ya kai ka kasuwa, ya yi ciniki, ya kira direba, ya tsaya a kan loda kwantena. A nan ba ni da ta cewa. Na taɓa biyan irinsu su fassara min takarda, abin da na samu shafi guda ne mai farashi da ranar loda kaya, sauran kuma aka ce min "sharuɗɗan da aka saba ne". To a cikin waɗannan da aka saba ɗin rigima take kwana.

Wadda nake kai wa aikina yanzu wata mata ce a wani ƙaramin ofishin fassara da aka yi wa rajista a Guangzhou. Takardarta tana zuwa gida biyu, Sinanci a hagu, Turanci a dama, sashe da sashe, lamba da lamba, yadda za ka ɗora yatsa ka ce wa mai masana'anta ga inda nake nufi. A gefen shafi kuma tana ɗan rubutu da jan biro. A wata yarjejeniya da na kai mata ta zagaye kalma ɗaya ta rubuta a gefe: ka tambaye su wanne suke nufi. Kalmar kafin alƙalami ce. Sinawa suna da guda biyu, 定金 da 订金, a baki furucinsu ɗaya ne, wanda ya koyi yaren a kasuwa ba zai ji bambanci ba, kuma a Turanci sau da yawa kalma ɗaya ake sa musu. A gaban alƙali kuwa ba su haɗa hanya ba.

Mu ɗauki kuɗinka. Kashi 30 na dala 40,000 shi ne 12,000. Idan 订金 aka rubuta, biyan gaba ne kawai. Masana'anta ta fasa ba ka kaya, ta mayar maka da 12,000 ɗinka, in kana neman ƙari sai ka kawo hujjar asarar da ka yi. Idan kuwa 定金 ne, dokar farar hula ta Sin da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu 2021 ta ce a sashe na 587, wanda ya karɓa ya saɓa har cinikin ya rushe zai mayar ninki biyu. Sashe na 586 ya sa iyaka, ba ya wuce kashi 20 na kuɗin cinikin, wato 8,000 a naka. Sai su biya ka 16,000, su haɗa da ragowar 4,000, ka tashi da 20,000. Ka ga dala 8,000 ke nan a tsakanin harafi da harafi. Sai dai wuƙar tana yanka ta baki biyu. In kai ne ka janye, dala ta tashi ko kasuwa ta juya maka baya, wannan 8,000 ta tafi ke nan. Don haka ka fara duba aljihunka kafin ka nemi a rubuta 定金.

Wuri na biyu da za ka sa ido shi ne tarar jinkiri. Ana rubuta ta a kan kowace rana, kuma 万分之五 biyar ne cikin dubu goma, 千分之五 biyar cikin dubu. A kayanka, na farkon dala 20 ne a rana, na biyun 200. Mai karatu a tsaitsaye yakan ce maka "kashi biyar" ya wuce. Ka duba kuma ko tarar da aka ɗora maka in ka jinkirta biya daidai take da wadda aka ɗora musu in sun jinkirta kaya, don sau da yawa taka ce mai nauyin. Kada kuma ka zaƙe ka sa tara mai girma kana murna: sashe na 585 ya ba su damar roƙon kotu ta rage ta in ta zarce ainihin asararka da yawa, kuma kotunan can sukan ɗauki abin da ya haura asara da fiye da kashi 30 a matsayin wuce gona da iri. Haka nan ba a cin tarar da ninkin kafin alƙalami tare a kan saɓawa guda, ɗaya za ka zaɓa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da fassarar kyauta. Je ka shafin ƙarshe, kusa da wurin sa hannu, ka nemi 以中文为准 ko mai kama da shi. Ma'anarsa, in an sami saɓani na Sinanci ne ke aiki. In yana nan, duk Turancin da masana'anta za ta liƙa a ƙasa ado ne, abin da ka sa wa hannu shi ne wanda ba ka iya karantawa. Ni ban ƙi a bar Sinancin ya zama madogara ba, tunda dukiyarsu a can take, kotunsu kuma da Sinanci take zama, duk takardar da ke wani harshe sai an haɗa ta da fassara kafin a saurare ta. Amma hakan na nufin sai ka san kowane layi ta bakin wanda ba ya cin kamasho a wurinsu. Dillalin da ya ce maka kyauta, tambaye shi wa ke biyansa.

Fassara mai hatimi tana zuwa da jan tambarin kamfanin, da kwafin lasisinsa, da bayanin cewa ta dace da asali. Amfaninta shi ne akwai wanda ya ɗauki nauyi da sunansa, kuma kotu ko hukumar sasanci za ta kalle ta. Hatimin bai mayar da mummunan sharaɗi mai kyau ba. Mai fassara zai nuna maka cewa an rubuta kwana bakwai kacal na duba kaya bayan isowa, ko an ce alhakin masana'anta ba zai wuce kuɗin da ka biya ba, amma gyaran sharaɗin aikin lauya ne. A ciniki irin naka, sa'a ɗaya ta lauyan can ba asara ba ce.

Ka kuma yi hattara, masu sayar da hatimi sun yi yawa. Za su karɓi takarda mai shafi goma su dawo da ita kafin ka gama shan shayi, an buga tambari, ba wanda ya karanta. Nemi sunan kamfanin da Sinanci da lambar rajistarsa mai gurbi 18, ka duba a gsxt.gov.cn ka ga ko fassara tana cikin sana'ar da aka yi masa rajista. Ka yi wa masana'antar ma haka: sunan da ke jikin jan hatiminta ya zama shi ne a yarjejeniya, shi ne kuma a asusun bankin da za ka tura kuɗi. In suka ce ka tura wani asusu mai wani suna daban, dakata.

Ka ce wa kamfanin kana son gida biyu, sashe da sashe, kuma duk inda kalma ta ɗauki ma'ana biyu su yi maka alama, kada su zaɓar maka. In ta fito ka turo sashen kafin alƙalami da na tara nan mu duba tare.